Cutar Sammore a Shanu: Gargaɗi ga Makiyayan Tsaunin Jos da Sauran Jama'a

Shekaru da dama makiyaya sun ɗauki Tsaunin Jos a matsayin mafakar shanu. Ƙasar tana da tudu, tsayinta ya kai wajen mita 1,200, ga sanyi, don haka ƙudan tsando bai cika zama a can ba. Amma al'amarin ya sake. Wani bincike da aka yi a ƙauyuka 30 na tsaunin, aka buga sakamakonsa a 1913 da ɗari, watau 2013, ya nuna kusan rabin shanun da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar sammore a jininsu. Ƙudan ya samu wurin zama a kurmin bakin rafuka, sannan shanun da suke gangarawa ƙasa neman ciyawa da rani sukan komo da cutar.

Sammore ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana zaune cikin jini. Tsando yakan tsotso ta daga jikin dabba mai ciwo ko naman daji, ya zuba wa mai lafiya. Akwai irin da wasu ƙudaje masu cizo ma sukan yaɗa cikin garke, ko da babu tsando a kusa.

Bayan mako ɗaya zuwa uku da cizon, zazzaɓi yakan kama saniya, ya sake ta, ya kuma dawo. Sai ta soma ramewa ko da tana kiwo, gashinta ya tashi, idanunta su riƙa hawaye, kaluluwar gaban kafaɗa ta kumbura, ta riƙa zama a bayan garke. Nono yakan ragu, mai ciki kuwa tana iya ɓari. Babbar alama ita ce ƙarancin jini: in aka buɗe fatar ido ko aka duba dasashi, sai a ga sun yi fari maimakon ja. Sai dai ciwon hanta da tsutsar ciki su ma sukan kawo rama da ƙarancin jini. Saboda haka tabbaci yana wurin ma'aikacin dabbobi, wanda zai ɗebi jini daga kunne ya duba da madubin likita. A Vom, kusa da Jos, akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, da kuma reshen cibiyar binciken sammore mai hedkwata a Kaduna.

Magunguna biyu aka fi sani. Diminazin, wanda makiyaya suke kira Berenil, yana warkarwa amma kariyarsa ba ta daɗewa. Isometamidiyam kuwa, watau Samorin, yana tsare saniya har wata biyu zuwa huɗu, shi ya sa ya dace a yi shi kafin a shiga ƙasar tsando. Dukansu allura ce da ake yi can cikin tsoka.

A wurin awo ne ake yawan yin ɓarna. Ƙa'idar diminazin ita ce miligiram 3.5 ga kowane kilo na nauyin dabba. Ƙaramin ƙunshi mai giram 2.36 ana jiƙa shi da ruwa mai tsabta mililita 12.5, ya ba da mililita 15, kuma wannan na dabba ɗaya ne mai kilo 300. Watau mililita 1 ga kowane kilo 20. Saniya mai kilo 250 ke nan tana bukatar mililita 12.5. To, a ce makiyayi ya raba ƙunshi ɗaya wa irin waɗannan shanu uku don tsimi. Kowacce ta samu mililita 5, bai kai rabin abin da ya kamata ba. Zazzaɓin zai lafa, mai shanu ya zaci an warke, alhali ƙwayoyin da suka fi ƙarfi sun tsira. Bayan 'yan makonni ciwon ya dawo, kuma a kwana a tashi maganin ya daina kama su. In haka ta faru, kada a yi ta maimaita maganin da ya kasa. Ma'aikacin dabbobi zai sauya zuwa ɗayan. A kuma kiyayi jabun magani na kasuwa, sannan kada a sha nonon saniyar ko a ci namanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin ƙunshi sun cika.

Allura kaɗai ba ta isa muddin ƙudan yana nan. Tsando ya fi sauka a ƙafafu da cikin saniya, don haka fesa maganin ƙwari irin su deltametirin a waɗannan wurare yana kashe shi, kuma bai kai wanke dukan jiki tsada ba. Ana kuma kafa tarkon ƙyalle mai launin shuɗi da baƙi a mashaya, domin shuɗi yana jan ƙudan. Wannan aiki ba ya yin nasara sai makiyayan yanki ɗaya sun haɗa kai sun yi shi tare. Shanun Bunaji, waɗanda suka fi yawa a tsaunin, ba su da juriyar sammore kamar Muturu na kudu, saboda haka lalle ne a kai duk garken da ya dawo daga kiwon rani a duba jininsa kafin ya gauraya da shanun gida.