Yaron da Gwajin Ƙwaƙwalwa Ya Gagara

Akwai yaron da ba ya magana, ko ba ya iya zama na minti biyar gaban baƙo. Ba a iya yi masa gwajin kaifin ƙwaƙwalwa, sai masanin halayyar ɗan Adam ya koma ga mai rainonsa.

Ma'aunin Vineland, wanda ya samo asali daga aikin Edgar Doll a Amurka a 1935, hira ce da uwa ko kaka. Ana bin sadarwa, hidimar kai da cuɗanya da mutane. Abin nema shi ne abin da yaro yake yi kullum ba tare da an sa shi ba.

A ɗauki ɗan shekara 6. Idan aka ce, "Yana iya sa riga?" uwa za ta ce e, don kara ko kunya. Gogaggen ma'aikaci cewa zai yi, "Mama, yaya ake shirya shi da safe?" Nan za a ji ita ke zura masa hannu, ita ke ɓalle maɓalli. Sai a ƙara tambaya: ya kasa ne, ko ba a taɓa barinsa ya gwada ba? Amsoshin suna nuna irin taimakon da yake buƙata, amma ba sa ba da makin IQ.