“Ba Mu Karɓar Caji”: Inda Ɗan Canji Yake Cire Ribarsa

Da lokacin Umara ko Hajji ya gabato sai ka ji maganar nan ta dawo: “Ku je wurin wane, ko sisi ba ya cirewa.” Manhajojin aika kuɗi ma sun ari salon, suna rubuta “babu caji” da manyan haruffa. Abin da ke ba ni haushi shi ne jin mai ilimi, wanda zai tsaya ya yi ciniki a kan kwanon shinkafa har a rage masa naira ɗari, yana maimaita wannan zance da bakinsa. Haba Alhaji! Mutum ya kama shago a Wapa da ke Fagge, yana biyan haya, yana biyan yaransa, ya wuni riƙe da kuɗin da darajarsu kan iya faɗuwa kafin la'asar, sannan ya yi maka aiki kyauta? Lallai yana cirewa, sai dai a cikin farashin yake cirewa.

Kowane ɗan canji farashi biyu gare shi, wanda yake sayen dala a hannunka da wanda yake sayar maka da ita. Na biyun kullum ya fi na farkon tsada, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ribarsa. Idan ka haɗa su ka raba biyu, ka samu farashin tsakiya, wanda shi ne ma'aunin da za ka gwada ko nawa aka cire maka.

Mu yi misali da farashin da na zaɓa don sauƙin lissafi, ba na kasuwar yau ba. A ce yana sayen dala a naira 1,500, yana sayarwa a 1,530. Tsakiya 1,515 ke nan. Mai niyyar Umara ya miƙa naira 1,530,000, aka ƙirga masa dala 1,000 cif, ya yi godiya ya fita yana cewa ba a cire masa komai ba. Alhali da a farashin tsakiya aka yi, wajen dala 1,010 zai karɓa. Dala goma ta tafi, kuma ba zai gan ta a rasiti ba, domin ba a taɓa ƙirga masa ita ba balle ya ga an zare. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce ya juyo nan take ya ce ya fasa tafiyar. Naira 1,500,000 za a mayar masa, dubu talatin ta narke ko ƙofa bai kai ba.

A Makka kuma a sake yin wata yankar. A nan babu uzurin rashin sani, don tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya. Idan wani shagon canji ya ba shi 3.70, zai ga kamar ɗan abu ne da bai kai a yi magana ba. Amma a kan dala dubu riyal 50 ne, ya karɓi 3,700 maimakon 3,750. In aka haɗa yankar Kano da ta Makka, kuɗin da ya kamata su zama wajen riyal 3,787 sun koma 3,700. Giɓin ya kai kimanin naira 35,000, kuma a duk tafiyar babu wanda ya ce masa “kawo caji”. Idan ya rage riyal 700 ya mayar da su dala, ya dawo gida ya mayar da dalar naira, an yanke shi sau huɗu ke nan a kan kuɗi guda.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce ribar canji zalunci ba ce. Sana'a ce, mai ita yana ɗaukar kasada, kuma wanda ya ga yadda naira ta riƙa tsalle bayan Babban Bankin Nijeriya ya sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023 ya san dalilin da ya sa 'yan canji suke buɗe tazarar idan kasuwa ta rikice. Abin da nake ƙi shi ne a rufe ribar da kalmar “kyauta”, har mutum ya guji wanda ya faɗa masa gaskiyar cajinsa ya ruga wurin wanda ya ɓoye.

Ga yadda hakan ke faruwa. Wuri na farko ya ce babu caji, dala a 1,560. Na biyu ya ce zai cire naira 5,000, amma dala a 1,525. Yawancin mutane na farkon za su nufa. To, a kan naira miliyan ɗaya, na farko dala 641 zai ba ka, na biyu kuwa bayan ya cire cajinsa ya ba ka 652. Mai cajin ya fi araha da dala goma sha ɗaya. Amma a kula, idan naira dubu ɗari kacal za ka canza, lissafin ya juye: na farko ya ba ka 64, na biyu 62, saboda caji tsayayye ya fi cin ƙananan kuɗi, tazarar farashi kuwa tana girma ne tare da girman kuɗin. Don haka babu wurin da ya fi araha ga kowa da kowa, sai an lissafa.

Saboda haka ka daina tambayar “nawa ne cajinku?” Tambayar da ta dace ita ce: “In na ba ka kaza, nawa zai shigo hannuna?” Ka yi wa mutum biyu ko uku wannan tambayar a rana ɗaya, da adadi ɗaya, ka gwada amsoshin. Sannan ka nemi farashin saye da na sayarwa a tare, tun kafin ka bayyana wanne ka zo yi. Ka ɗebe ƙaramin daga babban, ka raba da na tsakiya, sai ka ga tazarar a kashi cikin ɗari. A misalinmu 30 a kan 1,515 ya ba da kusan kashi biyu, wato kashi ɗaya a kowace juyawa. In ka ga ta kai biyar ko shida, kamar yadda ake iya gani a filayen jirgin sama da otal-otal inda suka san ba ka da zaɓi, ka canza abin da zai kai ka masauki kawai. Ka rage yawan juye-juye, kada ka mayar da dalarka riyal gaba ɗaya ranar da ka sauka, don abin da ya rage a dala ba sai an sake yankarsa ba kafin wata tafiyar. Ka kuma duba takardun da ake ƙirga maka. Tsofaffin dala da ƙananan takardu sukan samu farashi na ƙasa idan ka zo sayarwa, don haka kada ka yarda a ba ka su a farashin sabuwar ɗari.

'Yan uwanmu na Nijar suna da ma'auni irin na riyal, domin sefa 655.957 ce yuro ɗaya tun 1999, duk abin da ya kauce wa wannan adadi ribar mai canji ce. Tsakanin naira da sefa kuwa, a Jibiya ko Illela ko Maigatari, babu irin wannan ɗaurin. Mai kai kaya Maraɗi sai ya tambayi nawa ake sayen jika da nawa ake sayar da ita a ranar, ya sa tazarar cikin kuɗin kayansa kafin ya yanke farashi.