Megabayit 1,440 ko 48: Yadda Manhaja Ke Koyon Tattalin Data

Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa na Najeriya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mutane suka ƙara sa ido kan abin da ke cinye musu data. Bidiyo ake fara zargi. Amma akwai mai ci a ɓoye: aikin da manhaja ke yi ita kaɗai lokaci-lokaci, tana zuwa sabar ta ɗebo sababbin bayanai ko da wayar tana aljihu.

A ɗauka kantin magani ne da ke sayen data wata-wata. Manhajarsa tana sauke jerin farashin kaya daga dillali sau ɗaya duk awa, kuma fayil ɗin megabayit 2 ne. A rana an sha megabayit 48, a wata 1,440, alhali dillalin sau huɗu kawai yake taɓa farashi a yini. Ashe sau ashirin cikin ashirin da huɗu, tsohon abu ake sake biya.

Maganin farko shi ne tambaya kafin ɗauka. Sabar kan liƙa wa kowane fayil wata alama da ake kira `ETag`, wadda ke sauyawa idan abin da ke ciki ya sauya. Manhaja ta adana alamar, in ta dawo ta nuna ta ta hanyar `If-None-Match`. Idan babu sabon abu, sabar ta amsa da `304 Not Modified`, amsar da ba ta ɗauke da fayil ko kaɗan. Da wannan kaɗai lissafin kantin ya sauko kusan megabayit 240 a wata, sai ɗan abin da gaisuwar wayar da sabar ke ci.

Sai matsewa. Jerin farashi cike yake da maimaici, sunan kamfani ɗaya na iya fitowa sau ɗari. Manhajar gzip, wadda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1992, tana rubuta kalma sau ɗaya, sauran wuraren kuma ta yi nuni zuwa gare ta. Wayar za ta ce `Accept-Encoding: gzip`, sabar ta turo a matse. Idan megabayit 2 ya koma kilobayit 400, abin da ba baƙo ba ne ga rubutu irin wannan, watan ya tsaya a megabayit 48. Hoto da bidiyo kuwa an riga an matse su tun asali, sake matsa su ɓata batir ne kawai.

Mataki na uku ya fi daɗi, ya kuma fi tarko. Idan netwok ya ɗauke bayan an sauke kilobayit 300, ba sai an koma farko ba: manhaja ta nemi ragowar da `Range`, sabar ta amsa da `206 Partial Content`. To idan dillali ya sauya farashi a tsakanin? Sai a haɗa kan tsohon fayil da wutsiyar sabo, kuma a kantin magani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa dole a haɗa da `If-Range`, wanda ke nufin a ba da ragowar in fayil ɗin yana nan yadda yake, in ya sauya a turo shi gaba ɗaya.

Abin da masu rubuta manhaja da yawa ke mantawa shi ne matsewa da ɗauko bambanci kaɗai ba sa shiri. Tun 1996 manhajar rsync ta Andrew Tridgell da Paul Mackerras ke kwatanta fayil gutsure-gutsure tana tura wanda ya sauya kawai. Amma a fayil ɗin da aka matse, canza farashi ɗaya kan hargitsa kusan duk abin da ya biyo bayansa, sai mai kwatantawa ya ga kamar komai sabo ne. Google ya ci karo da haka wajen sabunta manhajojin Play Store. A Disamban 2016 ya sanar da mafita: a warware tsoho da sabo, a fitar da bambancin, wayar ta ɗora shi sannan ta sake matsewa. Kamfanin ya ce girman sabuntawa ya ragu da kashi 65 cikin ɗari a matsakaici, sai dai wayar na ɗaukar ƙarin lokaci wajen aikin.

Mai kanti zai iya gane ko ana yi masa adalci ba tare da ya san rubuta manhaja ba. Ya duba adadin datar da manhajar ta sha a bayan fage cikin saitin wayarsa, ranar da kasuwa ke ci da ranar da dillali bai buɗe ba. In adadin ɗaya ne, manhajar ba ta tambaya kafin ta ɗauka, kuma yana da hujjar da zai kai wa wanda ya sayar masa da ita.