Takardar Tabbatarwa a Aiki ko Ƙarin Wa'adin Gwaji

Lokacin gwaji shi ne wa'adin da ma'aikata ke ɗiba a farkon ɗaukar sabon ma'aikaci domin ta ga kamun ludayinsa kafin ta riƙe shi dindindin. A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya shekara biyu ne, kuma sai ma'aikaci ya ci jarrabawar da aka tsara wa matakinsa kafin a tabbatar da shi. A kamfanoni da makarantu masu zaman kansu an fi ɗibar wata uku zuwa shida. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke tsawon wannan wa'adi ba, saboda haka abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ne abin riƙo. Idan wa'adin ya cika, ɗayan abu uku ke faruwa: a tabbatar da mutum, ko a ƙara masa lokaci, ko a sallame shi. Kowanne yana buƙatar takarda.

Takardar tabbatarwa, wadda ma'aikata ke kira kanfameshan, ba ta da wuyar rubutawa. Tana faɗin sunan ma'aikaci da muƙaminsa, da ranar da ya kama aiki, da ranar da tabbatarwar ta fara aiki. Wannan rana ta ƙarshe ce aka fi mantawa da ita, alhali a kanta ake lissafin duk abin da ya sauya: ƙarin albashi in an yi alkawarinsa, ko alawus ɗin da ba a ba ɗan gwaji, ko tsawon notis ɗin barin aiki. Takardar da aka sa wa hannu a Nuwamba tana iya cewa tabbatarwar ta fara tun 1 ga Agusta, kuma in haka ne akwai ariyas na wata uku da ya kamata a ambata. Layi biyu a kan abin da ma'aikacin ya yi da kyau sun isa.

Takardar ƙarin wa'adi ce ake yawan ɓatawa. Sau da yawa abin da ke cikinta bai wuce cewa “aikinka bai gamsar ba, an ƙara maka lokaci har sai an ga canji”. Mai karɓar irin wannan takarda bai san abin da zai gyara ba, bai kuma san ranar da za a sake duba shi ba. Ita ma ma'aikatar ba ta tsira da komai ba, domin ranar da rigima ta tashi babu abin da za ta nuna a fayil.

A ɗauki misalin mai kula da sito a wani kamfanin casar shinkafa, wanda ya kama aiki 1 ga Fabrairu a kan gwajin wata shida, wato zuwa 31 ga Yuli. Mutum ne mai zuwa aiki a kan lokaci, lebura da direbobi duk suna jin daɗin mu'amala da shi, amma littafin sitonsa ba ya daidaita da kayan da ke ƙasa. Takarda mai kyau za ta fara da tuna sharaɗin da ke cikin takardar ɗaukarsa, wanda ya ba kamfani damar ƙara wa'adi. Wannan ba ado ba ne. In takardar farko ba ta yi tanadin ƙari ba, to ƙarin sauya yarjejeniya ne, kuma sai da amincewar ma'aikacin a rubuce.

Daga nan sai dalili, kuma dalilin da ake so shi ne wanda za a iya ƙirgawa. Maimakon a ce yana da sakaci, sai a rubuta cewa a ƙidayar ƙarshen Mayu littafi ya nuna buhu 620 amma 606 aka samu a sito, kuma bincike ya gano cewa buhu 14 ɗin an fitar da su ne bisa ƙa'ida, shigar da su littafi ne bai yi ba. Sai a ƙara da cewa rahoton mako da ya kamata ya isa ofishin akanta kowace Litinin ya makara sau huɗu tsakanin Afrilu da Yuni, kuma manaja ya yi masa magana a kai ranar 10 ga Yuni. Bayanin inda buhunan suka shiga yana da amfani ga mutumin, domin ya raba kuskuren rubutu da zargin sata. Takarda tana daɗewa a fayil, kuma wanda zai karanta ta bayan shekara biyar ba lallai ya san labarin ba. Haka nan bai kamata takardar ta zama karon farko da ma'aikaci ya ji laifinsa ba. In wata shida suka wuce ba wanda ya ce masa uffan, to wani kason gazawar na mai duba shi ne.

Sharuɗɗan kuma su bi sawun dalilan ɗaya bayan ɗaya. An ƙara wata uku, daga 1 ga Agusta zuwa 31 ga Oktoba. A cikinsu ana so duk buhun da ya fita a shigar da shi littafi a ranar, ƙidayar ƙarshen kowane wata ta daidaita da littafi, rahoto kuma ya isa kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Litinin. Takardar ta faɗi abin da kamfani ya ɗaukar wa kansa, kamar akanta ya zauna da shi kwana biyu a makon farko, da zaman bita da manaja a ƙarshen Agusta da Satumba. Ta faɗi cewa albashi da sauran haƙƙoƙinsa suna nan yadda suke. Sannan ta fito fili da sakamako: in ya cika sharuɗɗan za a tabbatar da shi daga 1 ga Nuwamba, in bai cika ba ana iya sallamarsa da notis. Sharaɗin da ba ya hannun ma'aikaci ba shi da gurbi a nan. Ba a ɗora wa mai sito ƙaruwar ciniki.

Notis ɗin ma yana da ma'auni. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka notis ɗinsa kwana ɗaya ne, wanda ya haura wata uku amma bai kai shekara biyu ba kuma mako ɗaya. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma in takardar ɗaukar aiki ta ce wata guda, ita za a bi. Dokar ba ta haɗa da manyan ma'aikatan gudanarwa da ƙwararru ba. Su yarjejeniyarsu ce ke hukunci.

Batun ranar miƙa takarda yana da nauyi a shari'a. Dole ta isa hannun ma'aikaci kafin wa'adin farko ya ƙare. A shari'ar Jami'ar Obafemi Awolowo da Onabanjo ta 1991, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta nuna cewa ma'aikatar da ta bar mutum ya ci gaba da aiki yana karɓar albashi bayan cikar gwajinsa, ba ta sallame shi ba, ana ɗaukar ta tabbatar da shi a aikace. Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, wadda ke sauraron irin waɗannan ƙararraki a yau, tana bin wannan fahimta. Ke nan da kamfanin shinkafa zai yi shiru har tsakiyar Oktoba sannan ya fito da takardar ƙari mai ɗauke da kwanan watan Yuli, mai sito yana da hujjar cewa gwajinsa ya riga ya ƙare.

Saboda haka ake buga takardar kwafi biyu, ma'aikaci ya sa hannu da kwanan watan da ya karɓa, ya riƙe ɗaya, ɗaya ta shiga fayil. Yana da kyau a bambanta sa hannun “na karɓa” da na “na amince”, a kuma ba shi 'yan kwanaki, misali bakwai, ya rubuta martani in yana ganin wani dalilin ba daidai ba ne. Martanin nasa ana liƙa shi a bayan takardar, domin wanda zai yanke hukunci a ƙarshen Oktoba ya karanta su tare.