Yadda Ake Kawo Shawarar Zaman Mako-Mako a Wurin Aiki

Zaman mako-mako taro ne da abokan aiki ke yi a rana ɗaya da lokaci ɗaya kowane mako, ba tare da an sake kiran kowa ba. Bambancinsa da sauran tarurruka shi ne sau ɗaya ake yanke shawararsa, amma kowane mako ake biyan kuɗinsa da lokacin mutane. Idan ma'aikata 8 suka zauna na awa ɗaya a makonni 48 na shekara, sun ci awa 384, wato daidai da kwana 48 na aikin mutum ɗaya mai yin awa 8 a yini. Saboda haka wanda zai kawo shawarar irin wannan zama yana neman abu mai tsada daga wajen abokan aikinsa, kuma ya kamata ya faɗi abubuwa huɗu tun a saƙon farko: dalilin zaman, ranarsa, tsawonsa, da yadda wanda ba ya buƙatarsa zai janye.

Dalili ne ke zuwa farko, domin shi ke nuna sauran. A ɗauki misalin ƙaramin kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano mai ma'aikatan ofis takwas: manaja, akanta, mai kula da sito da mataimakinsa, 'yan talla uku masu karɓo oda daga 'yan kasuwa, da shugaban direbobi. Motocinsu na fita ƙauyuka ranar Laraba da asuba. Matsalar da ke maimaituwa ita ce ɗan talla ya yi wa kwastoma alkawarin katan 50 na sabulu alhali 30 ne suka rage a sito, ko a loda wa wanda akanta ya san bai biya bashin baya ba. Ba a gano haka sai mota ta yi nisa. Wannan matsala tana da siffar da ta dace da zaman mako-mako: tana dawowa kowane mako, tana buƙatar mutane uku ko huɗu su ji juna a lokaci guda, kuma akwai hukuncin da dole a yanke kafin wani lokaci sananne.

Idan mai shawara ya rubuta cewa za a riƙa zama "don tattauna al'amuran aiki" ko "don ƙara fahimtar juna", bai faɗi komai ba, domin babu ranar da za a iya cewa an cimma wannan ko an kasa. Dalili mai amfani yana ambaton abin da za a tashi da shi a hannu. A misalin nan, shi ne takarda ɗaya mai jerin kayan da za a loda wa kowace mota, wadda sito da akanta suka amince da ita. Akwai gwaji mai sauƙi: idan abin da za a yi a zaman sanarwa ce kawai, mutum ɗaya na magana saura na saurare, to saƙo a zauren WhatsApp na ma'aikata ya wadatar, ba sai an tara kowa ba.

Daga dalilin ne rana ke fitowa. Tunda lodi na Talata da yamma ne, zaman ya faɗo Talata da safe. Litinin ta yi wuri, domin odar ƙarshen mako ba ta gama shigowa ba, kuma ita ce ranar da aikin da ya taru ke jiran kowa. Juma'a kuwa a ƙasar Hausa rabin yini ce a aikace. Ana fara shirin masallaci tun hantsi, wasu ba sa dawowa. A Jihar Kaduna ma gwamnati ta mayar da ma'aikatanta zuwa ofis kwana huɗu a mako tun watan Disambar 2021, Juma'a ta fita daga ciki. Ranakun kasuwa su ma abin dubawa ne: ɗan tallan da ke zuwa kasuwar Maigatari ba za a same shi ranar Alhamis ba, ko da ya ce to.

Sa'ar ma tana da nata sharuɗɗa. Zaman da aka sa ƙarfe 1:30 na rana zai yi karo da azahar, na ƙarfe 4 kuma da la'asar da masu ɗauko yara daga islamiyya. Tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe ne aka fi samun kowa a wuri ɗaya. Idan wasu za su shiga ta waya daga wata ƙasa, sai a rubuta agogon da ake nufi. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, Ghana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, kuma a Sudan Juma'a da Asabar ne hutun mako. Birtaniya ta fi rikitarwa: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon London daidai yake da na Kano, a sauran watannin kuma yana baya da awa ɗaya, don haka zaman da bai motsa ba a nan zai motsa wa wanda ke can sau biyu a shekara.

Game da tsawo, marubucin nan ɗan Birtaniya C. Northcote Parkinson ya lura tun 1955, a wani rubutu da ya yi a mujallar The Economist, cewa aiki kan miƙe har ya cinye duk lokacin da aka ware masa. Taro ya fi komai bin wannan ƙa'ida. Awa ɗaya da aka saba sawa ba daga lissafi ta fito ba. Al'ada ce kawai. Hanyar da ta fi ita ce a ƙirga daga abin da za a yi. 'Yan talla uku, kowa minti 4 ya karanto odarsa, minti 12 ke nan. Mai sito minti 6 ya faɗi abin da babu ko bai isa ba. Akanta minti 5 ya ambaci waɗanda aka dakatar wa kaya. Minti 7 na ƙarshe a daidaita jerin. Jimla minti 30, kuma wannan kaɗai ya rage awa 384 ɗin nan zuwa 192. Masu amfani da Zoom na kyauta su tuna cewa yana yankewa a minti 40. A faɗi lokacin tashi kamar yadda aka faɗi na farawa, kuma a fara a kan lokaci ko da manaja bai iso ba. In aka jira shi mako biyu a jere, kowa ya koyi cewa ƙarfe 9 na nufin 9 da kwata.

Hanyar janyewa ita ce aka fi mantawa da ita, kuma a nan ne al'ada ke shigowa. Ƙaramin ma'aikaci ba zai dubi oga ya ce masa zamansa ba shi da amfani gare shi ba. Kunya da kawaici za su sa ya zo, ya zauna a kujerar baya yana danna waya. Rubuta "duk wanda ba ya so ya faɗa" bai warware komai ba, domin faɗar ce ke da nauyi. Abin da ke aiki shi ne mai shawara ya raba mutane da kansa tun farko. Akwai waɗanda zaman ba ya yiwuwa sai da su: 'yan talla, mai sito, akanta. Su ba su da janyewa gaba ɗaya, amma suna da damar turo wakili ko su aiko da alƙalumansu a rubuce kafin lokaci. Akwai kuma waɗanda sakamakon kawai suke buƙata, kamar shugaban direbobi da mataimakin mai sito, har ma da manaja kansa. Waɗannan a gaya musu da sunansu cewa zuwansu ganin dama ne.

Sai an cika sharuɗɗa biyu janyewar ke zama ta gaske. Na farko, kada a nemi dalili, kuma a faɗi ainihin abin da mutum zai yi, misali ya tura kalma ɗaya ga mai shawara shi kaɗai, ba a zauren da kowa ke gani ba. Na biyu, wanda bai zo ba kada ya yi asarar komai. Jerin da aka amince da shi ya isa ga kowa a rana ɗaya, kuma kada a yanke hukuncin da ya shafi aikin mutum a bayan idonsa. Da zarar an raba wani alheri ko an ɗora wa wani laifi a zaman da bai halarta ba, kowa zai dawo don tsaron kansa, janyewar ta zama ta fatar baki.

Ga yadda saƙon shawarar zai iya kasancewa idan an haɗa duka:

"Assalamu alaikum. Ina ba da shawarar mu riƙa zama kowace Talata daga ƙarfe 9:30 zuwa 10:00 na safe a ofishin sito, don mu daidaita oda da kayan da ke ƙasa kafin lodi. Za mu tashi da jerin kayan kowace mota. Ana buƙatar 'yan talla, mai sito da akanta; wanda uzuri ya kama ya turo alƙalumansa kafin ƙarfe 9. Ga sauran kuwa ganin dama ne: wanda ba zai riƙa zuwa ba ya rubuto mini 'a cire ni', ba sai ya faɗi dalili ba, kuma jerin zai same shi kafin azahar. Za mu gwada na mako 8, sannan mu duba ko mu ci gaba. Wanda ranar ko lokacin bai yi masa ba ya sanar da ni kafin Alhamis."

Wa'adin mako 8 ɗin nan shi ne hanyar janyewar ƙungiyar baki ɗaya. Zaman da ba a sa masa ranar ƙarewa ba yakan daɗe bayan dalilinsa ya mutu, domin babu mai son ya zama shi ne ya ce a daina. Kamfanin Shopify na ƙasar Kanada ya kai ga share duk tarurruka masu maimaituwa na fiye da mutum biyu daga kalandar ma'aikatansa a watan Janairun 2023, don a tilasta wa kowa ya sake tunani kafin ya maido da nasa. Ƙaramin ofis ba ya buƙatar wannan tsauri idan ya sa wa'adi tun farko.

Ga masu amfani da Google Calendar, duk wannan yana da gurbinsa. A wurin da aka rubuta "Does not repeat" sai a zaɓi "Custom", a sa Talata, sannan a ƙarƙashin "Ends" a zaɓi "After" a rubuta 8. A gefen sunan wanda ba dole ya zo ba akwai "Mark optional". Wanda zai ƙi gayyata kuma ya lura da tambayar da ke biyowa, domin "This event" na nufin mako ɗaya ne kawai, "All events" kuma janyewa ce daga dukkan zaman.

A mako na takwas, abin da za a auna shi ne abin da aka ambata a dalili: sau nawa mota ta fita da odar da babu kayanta, in aka kwatanta da watanni biyun da suka gabata. Alamun lalacewa kuma ba sa ɓuya. Minti 30 ya koma 50, 'yan talla na zuwa ba tare da alƙaluma ba, ana tashi babu jerin, ko kuma ana yanke ainihin hukuncin a bakin sito bayan an watse. Yawan masu janyewa daga cikin 'yan ganin dama ba matsala ba ce. Idan kuwa waɗanda ake buƙata ne suka fara turo wakili mako bayan mako, to ko dai ranar ba ta dace ba, ko kuma takardar da suke aikowa ta riga ta yi aikin da aka kira zaman dominsa, sai a bar takardar a soke zaman.