Wasiƙar sanyi: idan kaldaya ta mutu a gidan haya a Italiya

A biranen arewacin Italiya irin su Milano, Torino da Brescia, doka ta ba da damar kunna na'urar ɗumama gida daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu. Idan kaldaya, wato tukunyar da ke dafa ruwan da ke zagaya ɗakuna, ta mutu a Janairu, ɗan haya zai kwana da rigar sanyi, yara na tari. Bahaushen da bai iya Italiyanci sosai ba yakan rubuta kukansa da Hausa, ya nemi wani ya fassara masa.

A nan gizo ke saƙa. Wasiƙarmu takan fara da gaisuwa da tambayar iyali, sannan a ce "don Allah a taimaka a duba mana in an samu hali". Wannan ladabi ne a Zinder ko Kano. Amma in an juya shi kalma da kalma, mai gida zai karanta shi a matsayin neman alfarma, alhali haƙƙi ne. Sashe na 1576 na dokar mu'amala ta Italiya ya ɗora wa mai gida duk gyaran da ya zama dole, ban da ƙananan gyare-gyare. Duba kaldaya da sharce ta a kai a kai na ɗan haya ne. Canza babban ƙarfe da ya tsufa ko sayen sabuwa na mai gida ne.

Don haka mai fassara nagari ba ya tsayawa kan kalmomi, tambayoyi yake yi. Yaushe ta tsaya? Wace lamba ta fito a fuskarta? Allurar matsin ruwa tana tsakanin 1 da 1.5, ko ta faɗi ƙasa? Ka kira mai gyara, me ya ce? Sai wasiƙar ta koma haka: an buɗe da "Egregio Signor", an sa "Oggetto" mai layi ɗaya, sannan a ce tun 10 ga Janairu babu ɗumi, ɗaki ya sauka digiri 12, an yi waya ba amsa, ana neman gyara cikin kwana kaza. Ana magana da shi da "Lei" na girmamawa, a rufe da "Distinti saluti". Ladabin Italiyanci ke nan, ba sai an ƙara roƙo ba.

A aika ta gidan waya da "raccomandata A/R", wadda ke dawo da takardar shaidar an karɓa, ko ta "PEC". Saƙon waya yana sauri, amma shaidarsa ba ta kai waɗannan ba. In kuma kaldaya ɗaya ce ke ɗumama dukan benen, a aika kwafi ga mai kula da ginin.

Jumla ɗaya ce ya kamata mai fassara ya ja kunnen mai wasiƙa a kanta: "ba zan biya haya ba sai an gyara". Riƙe kuɗin haya ba da yarjejeniya ko hukuncin kotu ba yana iya ba mai gida hujjar neman a tashe ka. Sashe na 1577 ya buɗe wata ƙofar: in gyaran na gaggawa ne, ɗan haya zai iya yi da kuɗinsa a biya shi, muddin ya sanar da mai gida a lokacin, ya kuma ajiye rasit.