Fili a Takarda, Fili a Ƙasa

Duk wanda ya sayi fili aka miƙa masa takardar safiyo, ya duba gindin zanen, zai ga an rubuta wani abu kamar 1:500. Wannan shi ne ma'aunin zanen. Yana nufin santimita 1 a takarda daidai yake da santimita 500 a ƙasa, wato mita 5.

To, a ɗora rula a kan zanen. Idan tsawon filin ya ba da santimita 6, faɗinsa santimita 3, sai a ninka kowanne sau 5: tsawo mita 30, faɗi mita 15. Kusan filin nan ke nan da dillalai ke kira hamsin da ɗari, don su da ƙafa suke lissafi.

Inda ake tafka kuskure shi ne wajen girman filin gaba ɗaya. A takarda, 6 sau 3 ya ba da murabba'in santimita 18. Sai mai gaggawa ya ninka 18 sau 5, ya ce filin murabba'in mita 90 ne. Ina! Tsawo ya ninku sau 5, faɗi ma haka, saboda haka girma sau 25 yake ninkuwa. Amsar ita ce murabba'in mita 450, kuma 30 sau 15 ya tabbatar da ita.

Kada dai a aza rula a kan fotokwafi, domin inji kan rage zane ko ya ƙara shi, amma 1:500 na nan yadda take. Mai saye ya nemi ainihin takardar, ya riƙe tef, ya je ya auna tsakanin duwatsun iyaka kafin ya biya.